Jimlar bincike ɗaya sau goma sha takwas: yadda muka yi da maimaici a rubuce-rubucenmu

Sabuwar Hannu:
Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki su ba ni labarin yadda suka yi. Na rubuta makala mai kalmomi 900 a kan matsalar batiri, kuma jimlar da nake so masu bincike a Google su same ni da ita ita ce "batirin waya yana saurin ƙarewa". Da na gama sai na danna `Ctrl+F` na ƙirga, na tarar ta fito sau 18. Manhajar da ke duba mini rubutu ta nuna koren haske, wai adadin ya yi daidai, amma da na karanta wa ƙanwata a bayyane, tun kafin in kai rabi ta ce in tsaya haka, ai ta riga ta ji cewa batirin yana ƙarewa. Ina so in canza wasu da kalmomi masu ma'ana ɗaya, sai dai ina tsoron kada in rage jimlar makalar ta ɓace daga sakamakon bincike.

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ƙa'idar da na daɗe ina bi ita ce kada jimlar ta wuce kashi biyu cikin ɗari na rubutun, kuma naki 18 cikin 900 kashi biyu ne cif, shi ya sa manhajar ba ta yi ƙorafi ba. Abin da na saba yi shi ne in bar adadin yadda yake, in nemo jerin kalmomi masu alaƙa da batun, waɗanda ake kira LSI, in barbaɗa su tsakanin sakin layi domin su rage wa jimlar nauyi. Na yi haka a makaloli da dama, kuma ban ga sun faɗi ba.

Tsohon Edita:
Malam Mai Lissafi, lissafinka daidai ne ta fuska ɗaya, amma akwai inda ya ɓoye gaskiyar lamarin. Jimlar Malama kalmomi biyar ce, idan ka ninka biyar sau 18 za ka sami kalmomi 90, wato kashi goma cikin ɗari na makalar jimla ɗaya ce ake nanatawa. Manhajar ta ƙirga sau nawa jimlar ta fito, ita kuwa ƙanwar Malama kunnenta ya auna wurin da jimlar ta cinye, kuma ni da kunnen na fi yarda. Google bai taɓa fitar da wani kaso da ya ce shi ne ma'auni ba. Abin da ke rubuce cikin ƙa'idojinsa na yaƙi da maguɗi shi ne cewa cusa kalma ɗaya a kai a kai har rubutu ya daina kama da maganar mutum laifi ne. Batun LSI kuma, dabara ce ta tantance takardu da aka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, kuma John Mueller na Google ya faɗa a 2019 cewa babu wani abu mai suna kalmomin LSI a wajensu.

Na taɓa gyara makala mai irin wannan ciwo, kuma abin da na koya shi ne cewa neman kalma mai ma'ana ɗaya shi ne mataki na ƙarshe. Da a ce taki ce a hannuna, Malama, zan bi wuraren nan 18 ɗaya bayan ɗaya. Zan bar jimlar yadda take a wurare huɗu: kanun makalar, sakin layi na farko, ƙaramin kanu ɗaya, da wani wuri can ƙasa inda ta zauna da kanta ba tare da an tura ta ba. Wajen wurare uku za ki ga an saka ta ne kawai don cika adadi, waɗannan sharewa za a yi, ba abin da zai ragu. Wajen shida kuma lamiri ko gajeren nuni ya wadatar, kamar "shi", "matsalar", ko "idan hakan ta faru", domin mai karatu bai manta abin da ake magana a kai ba. Saura biyar, kuma nan ne kaɗai ake bukatar wata jimla dabam. Tun daga sauyin da Google ya yi a 2013, wanda aka sa wa suna Hummingbird, ma'anar tambaya gaba ɗaya yake ƙoƙarin fahimta, saboda haka sau huɗu a wuraren da suka dace sun isa ya gane batun makalar.

Mai Gyaran Waya:
Ni ba marubuci ba ne sosai, gyara nake yi, amma na ɗanɗana kuɗata a daidai wuraren nan biyar da Malam Edita ya ambata. Na ba wani ya goge mini rubutu a kan wannan batu, shi kuma don gudun maimaici ya riƙa musanya "batiri yana saurin ƙarewa" da "waya ba ta caji" da "batiri ya mutu", a zatonsa duk abu ɗaya ne. A wurinmu kuwa cututtuka uku ne mabambanta. Wayar da ba ta caji galibi matsalarta tana bakin caji, ko igiyar, ko kan cajar, kuma batirinta yana iya zama lafiya lau. "Ya mutu" kuma wani yana nufin cajin ya ƙare, wani yana nufin batirin ya lalace sai an sake sabo. Sakamakon haka mutane suka riƙa shigowa suna neman maganin wayar da ta ƙi ɗaukar caji, suna tarar da shawarar rage hasken fuska da rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye, wadda ba ta da alaƙa da damuwarsu. Waɗanda na ga sun zauna lafiya a madadin jimlar su ne "caji ba ya daɗewa", "waya tana shan caji" da "caji yana saurin sauka". Ko "batiri ba ya riƙe caji" ina ɗari-ɗari da ita, domin ta fi karkata ga batirin da ya tsufa.

Ɗan Fassara:
Ni ma abin ya same ni. Na rubuta makaloli biyu a kan jimla ɗaya, sai suka riƙa kokawa da juna, yau wannan ce a sama gobe waccan, har sai da na haɗe su wuri ɗaya na karkatar da tsohon adireshin zuwa sabon. Shawarata, Malama, ki haɗe naki.

Sabuwar Hannu:
Na gode, Malam, amma tawa makala ɗaya ce tal, maimaicin a cikinta yake. Tambayata yanzu ga Malam Edita ita ce, ta yaya zan tabbatar cewa jimlar da na zaɓa madadi ce ta gaskiya a idon injin bincike, tunda ga shi Malam Mai Gyara ya nuna cewa kunne ma yana iya yaudarar wanda bai san sana'ar ba?

Tsohon Edita:
Gwaji biyu nake yi, kuma duka ba su wuce aikin minti goma ba. Na farko, ki buɗe tagar sirri ta burauza ki bincika jimlar asali, ki rubuta sakamako goman farko, sannan ki bincika madadin ki kwatanta. Idan mafi yawan sakamakon iri ɗaya ne, to injin yana kallon tambayoyin biyu a matsayin buƙata ɗaya. Idan kuwa kika ga na biyun ya cika da bayanin tsaftace bakin caji, kin san wata tambaya ce dabam, kuma makala dabam take bukata. Ki lura kuma da kalmomin da yake kaurarawa a ɗan bayanin da ke ƙarƙashin kowane sakamako, domin wani lokaci yakan kaurara kalmar da ba ita kika rubuta ba, wanda ke nuna ya ɗauke su daidai. Iyakar wannan gwaji ita ce rubutun Hausa bai yi yawa ba a wasu batutuwa, saboda haka sakamako yana iya zuwa iri ɗaya kawai don babu wasu da za a nuna.

Na biyu ya fi ƙarfi, amma sai makalar ta yi makonni a waje. A Search Console, wato shafin Google da ke nuna yadda makalolinki ke fitowa a bincike, ki shiga `Performance`, ki tace da adireshin makalar, ki duba `Queries`, za ki ga ainihin abin da mutane suka rubuta kafin a nuna musu ita, har zuwa watanni 16 baya. Idan jerin ya yi tsawo, ki zaɓi `Custom (regex)` ki saka:

```
batir|battery|caji|chaji
```

Daga nan nake ɗauko madadina, domin kalmomin da masu bincike suka rubuta da hannunsu sun fi waɗanda zan zaƙulo daga ƙamus. Idan kika gyara makalar, ki rubuta ranar a gefe, kada ki taɓa kanun a lokaci guda, sannan ki kwatanta kwanaki 28 na baya da 28 na gaba. Ni a tawa matsayin bai motsa sosai ba, amma yawan tambayoyi mabambanta da ake nuna ta dominsu ya ƙaru, kuma ba zan rantse cewa gyaran ne kaɗai ya jawo hakan ba.

Malamar Nahawu:
Akwai wani ɓangare da ya taɓa ba ni ciwon kai. Yawancin masu bincike ba sa saka haruffa masu lanƙwasa, "karewa" suke rubutawa maimakon "ƙarewa", har aka ba ni shawarar in riƙa cakuɗa rubutun biyu a matsayin madadin juna. Na gwada sau ɗaya na yi nadama, domin "karewa" ba tare da lanƙwasa ba tsarewa take nufi, sai ga ƙaramin kanuna yana cewa wani abu dabam, kuma rubutun ya zama kamar ba a tace shi ba. Na mayar da daidaitaccen rubutu ko'ina, kuma har yanzu ina ganin tambayoyi marasa lanƙwasa a cikin waɗanda ake nuna makalar dominsu.

Mai Lissafi:
Malama, ni abin da na gani ya saɓa da naki. A wata makalata sai da na saka siffar da ba ta da lanƙwasa sau ɗaya kafin ta fara bayyana wa masu rubuta ta haka, kodayake na yarda cewa a makon na ƙara mata sakin layi biyu, don haka ba zan iya raba dalilan ba. Na karɓi gyaran Malam Edita a kan kason, amma a kan wannan ina nan a kan bakana.

Sabuwar Hannu:
Na bi wuraren 18 daren jiya. Na bar huɗu, na share huɗu maimakon uku, shida sun koma lamiri, sauran huɗun kuma na raba su tsakanin "caji ba ya daɗewa" da "waya tana shan caji", bayan na gwada su a tagar sirri na ga bakwai cikin goman farko iri ɗaya ne da na jimlar asali. Makalar ta dawo kalmomi 850 da 'yan kai. Haruffa masu lanƙwasa na bar su yadda suke, na kuma rubuta ranar gyaran, idan kwanaki 28 suka cika zan kawo muku abin da `Queries` ya nuna a kan "karewa".