Canki mai hankali ko na ganganci? Abin da 'yan aji suka tsayar

Bayan sakamakon gwajinmu ya fito, wanda amsa daidai maki 1 ce, kuskure kuma a cire kwata, mun zauna mun tattauna, ga abin da aka tsayar.

Kar ka auna canki da sakamakonsa kawai. Wata ta kawo lissafin: zaɓi 4 ne, in ka rufe ido ka canka tambaya 8, a ƙiyasi za ka ci 2 ka faɗi 6, wato maki 2 a cire 1 da rabi, ribar rabin maki kacal. Amma in ka fara fitar da zaɓi 2 da ka tabbata ba su ba ne, za ka ci 4 ka faɗi 4, maki 3 kenan, to wannan cankin ko ka faɗi ba laifinka.

Shi ya sa aka ce tun a jarabawa ka riƙa yi wa duk tambayar da ka canka alama a takardar rof, daga baya ka duba: zaɓi nawa na cire, da wane dalili? In amsar gaskiya tana cikin waɗanda ka cire, gaskiya matsalar karatu ce, koma kan topik ɗin. In kuwa tsallake kalmar NOT ka yi don sauri, wannan kam ganganci ne zalla.