Me za mu kira “rimenda” ta Taylor da Hausa: saura, kuskure ko giɓi?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da lissafi ga ɗaliban shekarar farko, kuma da yamma nakan sake yi wa wasunsu bayani da Hausa. Jiya mun zo kan folinomiyal ɗin Taylor, inda ake ɗaukar ƙimar fankishin da dirabatif ɗinsa a wuri guda, a gina abin da zai tsaya a madadinsa a kusa da wurin. Bayani na tafiya lafiya sai da na iso kan “rimenda”, bakina ya tsaya. Ga abin da na rubuta a allo, da x = 0.5:

```
sin x ≈ x − x³/6
0.5 − 0.125/6 = 0.479167
```

Kalkuleta ta ba da 0.479426. Wannan 0.000259 da ke tsakani nake nema wa suna. Na ce musu “kuskure”, amma raina bai kwanta ba.

Habu Lantarki: Wa alaikumus salam, Malam. Ni kam kuskure ya yi mini. Amsar da ka samu ba ita ce ta gaskiya ba, to me ya rage?

Malama Hadiza: Malam Habu, kuskure abu ne da mutum ya yi ba da niyya ba, in ya lura sai ya gyara. A nan kuwa Malam Isiyaku bai ɓata ko lamba ɗaya ba. Da gangan ya tsaya a gaɓa ta biyu, ya bar sauran gaɓoɓin. Yaron da aka ce masa “kuskure” zai koma ya yi ta bin lissafinsa yana neman inda ya zame, alhali babu. Na ga wannan da idona: wata ɗalibata ta goge aikinta sau uku har takardar ta huje, don amsarta ta ƙi dacewa da ta kalkuleta a lamba ta huɗu.

Ni “saura” nake cewa, kuma ina da dalili. Tun firamare muka san 17 a raba 5, uku saura biyu. Ku duba da kyau: tun kafin ka raba, ka san sauran ba zai kai 5 ba. Ba ka san shi ba, amma ka san inda ba zai kai ba. To haka ne a nan. Brook Taylor ya buga tsarin a 1715, amma Lagrange ne daga baya ya ba da siffar da ta sa ake iya kama sauran:

```
R = f⁽ⁿ⁺¹⁾(c) · (x − a)ⁿ⁺¹ / (n+1)!
```

R ita ce sauran, a ita ce wurin da aka ɗauki ƙimar, wato sifiri a misalin Malam, n kuwa matakin da aka tsaya. Wannan c tana wani wuri tsakanin a da x, ba a faɗa maka ina ba. Ba ka buƙatarta. A misalin Malam, dirabatif na biyar na sin shi ne cos, shi kuwa cos girmansa ba ya wuce 1 ko ina c ta faɗa. Saboda haka sauran ba zai wuce 0.03125 a raba 120 ba, wato 0.000260. Na ainihi 0.000259. Kun ga yadda ya matse shi, kuma ba a taɓa kalkuleta ba.

Malam Isiyaku: Malama, a nan ma sai da wani ɗalibi ya tsayar da ni. Ya ce tunda mun tsaya a x³, ai dirabatif na huɗu ya kamata mu ɗauka. Na ce masa yana iya yi, zai sami 0.0625 a raba 24, wato kusan 0.0026, kuma gaskiya ne, sai dai ya fi namu faɗi sau goma. Gaɓar x⁴ ta sin sifiri ce, don haka folinomiyal ɗinmu ya riga ya kai mataki na huɗu a kyauta. Damuwata da “saura” ɗaya ce: da a x kaɗai na tsaya, 0.5 ta fi 0.479426, mun wuce ke nan. Bahaushe zai yarda da saura mai ɗebewa?

Ibro Damagaram: Malam, mu da Faransanci muka yi karatu, kuma kalma ɗaya ce ake amfani da ita a rabawar firamare da kuma a nan, ba mu taɓa jin ta dame mu ba. Ko a kasuwa ai in an yi lissafi, wani lokaci saura na wurinka, wani lokaci na wurin mai kaya. Wani abokina da ya yi Larabci ya ce a ara “baƙi” daga can, na ce a rubuce za a ɗauka launi ne, ko mutanen da suka zo ziyara. Saura ta fi.

Habu Lantarki: To ni na gwada abin naku da 30, tunda kowa ya san sin 30 rabi ne. Na sami −4470. In wannan ba kuskure ba ne, mene ne?

Malama Hadiza: Wannan kam kuskure ne, Malam Habu, kuma ya nuna dalilin da ya sa za mu bar wa kalmar aikinta. Digiri ka sa, tsarin kuwa da radiyan yake aiki, don a radiyan ne dirabatif na sin yake zama cos. Digiri 30 shi ne 0.5236. Sa shi za ka sami 0.49967, saura kusan 0.00033. Kuma da ka lissafa 30⁵ a raba 120 tun farko, da ka ga 202,500, ka san ƙiyasin ba shi da amfani a can.

Ummi Gusau: Ni “giɓi” na so, domin a zane haka ake ganinsa: layuka biyu sun haɗu a wurin da aka ɗauki ƙimar, suna rabuwa a hankali. Kuma ai in ana ƙara gaɓoɓi, giɓin cikewa yake yi har ya ɓace.

Malama Hadiza: Ummi, hoton naki mai kyau ne, kuma ga sin maganarki daidai ce, saboda (n+1)! na girma har ya danne komai. Amma ba kullum ba. Ɗauki ln(1 + x) a kusa da sifiri, ki sa x = 2. Amsar gaskiya 1.0986. Jimillar gaɓoɓin kuwa haka take tafiya: 2, sai 0, sai 2.67, sai −1.33, sai 5.07. Kowace gaɓa da kika ƙara nesanta ki take yi. Da zarar x ta wuce 1, wannan jerin ya ƙwace. Shi ya sa nake tsoron “giɓi”: kunne na jin ta kamar abin da dole wata rana a cike. “Saura” ba ta yi wa kowa wannan alkawarin ba.

Malam Isiyaku: Na gamsu, Allah ya saka da alheri. Gobe zan ce “sauran Taylor”, in bar “kuskure” ga irin na digiri. Yanzu sai ita lambar 0.000260 ɗin. Da “iyakar saura” zan ce, amma na riga na ba ɗalibaina “iyaka” a darasin limit, ba na so su cakuɗa.

Ibro Damagaram: “Matuƙar saura” fa?

Malama Hadiza: Matuƙa na nuna an kai wurin, saura kuwa sau da yawa ba ya kaiwa, ga 0.0026 ɗin ɗalibin Malam, ko kusa bai je ba. Ni “shinge” nake ji, tunda dabba na iya zama ko'ina a cikinsa, kuma akwai mai faɗi akwai matsattse.

Ummi Gusau: Malama, shinge ai akuya kan tsallaka shi, wannan kuwa ba a tsallakawa. Malam Isiyaku, ka gwada musu duka biyun gobe da misalin 0.5, ka dawo ka faɗa mana wanda suka maimaita da bakinsu.