Tazara ɗaya ce, me ya sa tsakiyar allo ta yi duhu?

Assalamu alaikum malamai, wani lissafin fiziks ya hana ni barci. A gwajin tsaga biyu na Young, haske mai λ = 600 nm, an rufe tsaga ɗaya da siririn gilas, kaurinsa t = 3 µm, n = 1.5. In an auna da ruler, tazarar tsagogin zuwa tsakiyar allo daidai take, sai na rubuta cewa wurin zai yi haske. Malam ya soke da jan biro.

Na gane haske na rage gudu cikin gilas, shi ya sa ake lissafa nt maimakon t, bambancin ya zama (n − 1)t = 1500 nm. Ga inda na maƙale: in na raba da 600, 2.5 nake samu, duhu ke nan. Amma ai cikin gilas λ ya koma 400 nm, wanda ke ba da 3.75. Wanne zan ɗauka? Ko amfani da 400 sanya n sau biyu ne?