Yaya zan cire tarkacen da ke bayan hotona?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki hoton wata baƙar jaka da wayata, amma bayanta duk tarkace ne, ga kaya jibge a kan kujera. Wace manhaja ce ta kyauta za ta fitar min da jakar ita kaɗai? Android nake riƙewa, kuma ban taɓa gyaran hoto ba.

Bashir: Wa alaikumus salam. Ki sa Portrait a kyamara, bayan zai dusashe.

Anti Hadiza: Bashir, ta riga ta ɗauka, kuma cirewa take so. Ƙanwata, ki fara da Photoroom. Kina zaɓar hoton za ta yanke bayan da kanta, sai ki ɗora fari. Amma kada ki yi saurin ajiyewa. Ki buɗe hoton da yatsu biyu, ki bi gefen jakar a hankali, musamman ramin da ke tsakanin hannunta da jikinta. Nan ne ake yawan samun guntun kujera ya maƙale. Wani lokacin kuma hannun ne da kansa yake gutsurewa saboda sirinta. A wajen gyaran yanka akwai burushi biyu, na gogewa da na maido da abin da aka cinye. Ki ƙanƙanta burushin, ki riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan.

Wane launi ne kujerar? Manhajar da bambancin launi da haske take gane bakin abu. In kujerar ma duhu ce, sake ɗauka a jikin bango mai haske ya fi miki sauƙi.

Rukayya: Ruwan ƙasa ce mai duhu, Anti. Na gwada, gefe ɗaya ya fita tas, ɗayan ya ci ƙasan jakar. Da na tura wa yayata ta WhatsApp kuma, bayan ya koma baƙi ƙirin.

Anti Hadiza: To, babu baya kika ajiye shi, wato PNG. In aka tura shi a matsayin hoto, WhatsApp na matse shi ya zama JPG, shi kuwa JPG ba ya riƙe wurin da babu komai, dole a cike shi da wani launi. Ki ɗora fari kafin ki ajiye, ko ki tura ta Document.

Sani: Ni remove.bg nake buɗewa a burauza, ba sai na sauke komai ba. Canva ma tana yi.

Malam Nura: Na Canva yana cikin tsarin masu biya ne, Sani. Shi kuma remove.bg ƙaramin hoto yake bayarwa kyauta, kusan megafiksel 0.25. A fuskar waya ba laifi, amma in za a buga a takarda zai dusashe.

Sani: Haka ne, ni a waya kawai nake amfani da shi. Abin da ke damuna, in na ɗora fari sai kayan su zama kamar suna lilo a iska.

Malam Nura: Inuwar ce ta tafi tare da bayan. Ni nakan ƙara 'yar inuwa a ƙasan kayan.

Anti Hadiza: Inuwar da aka ƙara ba kasafai take kwanta min ba. Rukayya, sake ɗauka kusa da taga ki turo mu gani.