Flutter ko manhaja ta asali: taƙaitaccen abin da aka tattauna

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi game da ƙaramar tawaga mai son fitar da manhaja a Android da iOS.

1. Mafi yawan masu magana sun amince cewa tawagar mutum biyu ko uku za ta fi samun sauƙi da Flutter, wani kayan aikin gina manhaja, domin rubutu ɗaya da harshen Dart yana aiki a wayoyin biyu, alhali hanyar asali, wato rubuta wa kowace waya manhajarta daban, tana buƙatar harshen Kotlin don Android da harshen Swift don iOS, kuma kowane gyara sai an yi shi sau biyu.

2. Ra'ayi ya rabu a kan manhajar da ta dogara da Bluetooth ko aikin da ke gudana bayan an rufe allo. Wasu sun ce ƙunshin shiryayyen rubutu da ke pub.dev, rumbun da masu Flutter ke ɗauko irinsa, ya wadatar. Wasu kuma suka ce idan mai kula da ƙunshin ya watsar da shi, dole tawagar ta rubuta Kotlin da Swift da kanta, wato harsuna uku ke nan. A ganina hujjar waɗannan na biyun ta fi ƙarfi.

3. An kuma tunatar cewa gina sigar iOS yana buƙatar Xcode, kayan aikin Apple na gina manhaja, a kan macOS, ko da Flutter aka zaɓa.