Yadda zan goge tarihin tafiye-tafiyena ba tare da na rasa bayanan bugun zuciyata ba

Ina amfani da Apple Watch wajen bibiyar bugun zuciyata, amma ba na so wata manhajar motsa jiki da na haɗa da manhajar Health ta Apple ta ci gaba da riƙe taswirar hanyoyin da nake bi, domin taswirar tana nuna ƙofar gidana ƙarara. Na kashe mata izinin karanta bayanai da na ganin wurin da nake, sai dai tsofaffin taswirorin suna nan a asusuna na manhajar. Shin goge manhajar zai share su, ko sai na nemi kamfanin ya rufe asusun? Kuma idan na fara danna Export All Health Data a manhajar Health don in ajiye kwafin bayanaina, yaya zan buɗe fayil ɗin XML ɗin da zai fito domin likitana ya iya karantawa?