Ku duba min wannan bayanin kafin in sake shi

Mai Kula da Shafi: Assalamu alaikum jama'a. Ina jera tsofaffin binciken jami'o'i a shafinmu, kowanne hoto ɗaya da ɗan bayani a ƙasa. Na wannan makon shi ne gwajin RECOVERY da Jami'ar Oxford ta jagoranta a 2020. Ga abin da na rubuta: "Jami'ar Oxford ta gano maganin korona, yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku." Ya yi ko da gyara?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ya yi sosai, gajere ne kuma zai ja ido. Ki dai ƙara girman rubutun, ki sa shi ja.

Mai Kula da Shafi: Auta, ba kwalliyar nake tambaya ba. Maganar ce nake tsoro kada ta fi binciken girma.

Anti Nas: Ta kuwa fi shi, ƙanwata. Fara da "ta gano". Maganin deksametazon ne, ya yi gomman shekaru a asibitoci kafin a san da korona. Abin da suka yi shi ne gwada shi a kan marasa lafiyar da aka riga aka kwantar. "Maganin korona" ma ba daidai ba ne, domin ba ya kashe ƙwayar cutar, kumburin da jiki ke yi ne yake lafar da shi. Amma babbar matsalar ita ce ba ki faɗi su wa ba. Kashi ɗaya bisa ukun nan na waɗanda ke kan na'urar numfashi ne kawai. Masu shan iskar oksijin ba tare da na'ura ba, ragin kusan ɗaya bisa biyar ne. Waɗanda ba su buƙaci taimakon numfashi ba kuwa, ba a ga wani amfani a wurinsu ba. Mai karanta naki yana gida da tari, me kike zaton zai yi in ya gama?

Baban Yara: Ni dai wannan "ɗaya bisa uku" ban yarda da shi ba tun farko. Alƙaluman da na gani, kashi 41 ne ya sauko zuwa kashi 29. Ai 12 ke nan. Ina 33 ta fito? Jami'o'in ma suna ƙara gishiri.

Malamin Lissafi: Alhaji, alƙalumanka daidai ne, amma ba ƙarya suka yi ba. Ka ɗauki mutum 100 a kan na'urar numfashi da aka yi wa kulawar da aka saba. Cikin kwana 28, kusan 41 suka rasu. Ka ɗauki wasu 100 da aka ƙara wa maganin, kusan 29 suka rasu. Bambancin mutum 12 ne a cikin 100, kamar yadda ka ce. To amma 12 ɗin nan in ka auna ta da 41, ta kusa kashi ɗaya bisa uku. Lissafi biyu ne na abu guda.

Inda nake tare da kai shi ne wanne za a ba mabiya. In aka ce "ɗaya bisa uku" tsurarsa, wani zai ɗauka cikin marasa lafiya uku an ceci ɗaya. Alhali masu binciken da kansu sun ce sai an ba wa kusan mutum 8 da ke kan na'ura kafin a kauce wa mutuwa ɗaya, masu oksijin kuma kusan 25. Shawarata, Hajiya, ki rubuta lambobin biyu gefe da gefe, 41 da 29 cikin 100, ki bar mai karatu ya ga tazarar da idonsa. Zai kuma ga cewa 29 sun rasu duk da maganin, abin da jimlarki ta farko ta ɓoye.

Baban Yara: To na ji. Amma har yanzu ina ganin wanda ya fi daɗin ji suka sa a gaba.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Malam, ni ga tawa matsalar. A sashenmu kusan duk aikin a kan ɓeraye ne, kuma kullum ana ce mana kada mu rubuta "yana ragewa", mu ce "yana da alaƙa". Ashe nan ma ba sai ta ce "yana da alaƙa da raguwar mutuwa" ba?

Malamin Lissafi: A'a, a nan tana da damar cewa "ya rage". Ba likita ne ya zaɓi wanda za a ba wa ba, ƙuri'a ce ta raba su: mutum 2,104 suka samu maganin, 4,321 suka samu kulawar da aka saba. Tunda ƙuri'a ce, ba za a ce masu sauƙi-sauƙi aka tara a ɓangare guda ba. "Alaƙa" ana ajiye ta ne ga binciken da aka zuba ido kawai, aka ga masu yin kaza sun fi samun kaza, ba tare da an raba kowa ba. Rage maganar da ta tabbata ma wani nau'in kuskure ne.

Naku kuwa ba ya buƙatar "alaƙa", yana buƙatar kalmar "ɓeraye" a jimlar farko, ba a layin ƙarshe da sai an danna kafin a gani ba. Masu bincike na Jami'ar Cardiff sun taɓa bin sanarwar manema labarai 462 da jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar a 2011, suka buga sakamakon a mujallar BMJ a 2014. Cikin sanarwar da suka shafi gwajin dabbobi, kashi 36 sun yi magana kamar a kan mutane aka yi. Tun daga jami'ar ake soma zuzutawar, shi ya sa nake cewa a buɗe takardar binciken kanta, kada a tsaya a sanarwa.

Baban Yara: Ka ga abin da nake faɗa ke nan!

Mai Kula da Shafi: To ga sabon: "A 2020, wani gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa tsohon maganin nan deksametazon ya rage mutuwa a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi a asibiti. Cikin kowane 100, kusan 29 suka rasu a kwana 28, maimakon 41. Bai amfani waɗanda ba su buƙaci oksijin ba. Ba maganin sha a gida ba ne."

Anti Nas: Yawwa, yanzu kika zo. Ni da zan ƙara cewa yana iya cutar da masu sauƙin ciwo. A rukunin nan kusan kashi 18 na masu maganin suka rasu, na marasa shi kashi 14.

Malamin Lissafi: Anti, a nan zan ja. Bambancin nan bai kai a yanke hukunci da shi ba, yana iya zama dace ne kawai, kuma masu binciken ba su ce sun tabbatar da cutarwa ba. In muka rubuta "yana cutarwa" da sunan wannan gwajin, mun yi abin da muke hana ta, sai dai ta ɗaya gefen.

Anti Nas: Malam, kai takarda kake kallo, ni mutane nake gani. Magani ne da ke danne garkuwar jiki, yana kuma tayar da sukari. Gara a tsorata mutum da a bar shi ya saya.

Malamin Lissafi: To a faɗi illolinsa da aka sani a jimla dabam, kada a rataya wa gwajin.

Ɗan Auta: Ni fa yanzu ya yi min tsawo, Yaya. Wa zai karanta jimla huɗu?

Mai Kula da Shafi: Auta, in zan yanke, shekarar zan mayar kan hoton, sauran suna nan. Anti, layin illolin ki turo min yadda kike so a rubuta shi, Malam ya duba kafin in saka. Adadin ƙwayar da aka ba su kuwa ba zan sa ba ko kaɗan.